Awon kunnen jarirai: kada a jira sai yaro ya ƙi magana

A ƙasarmu, in an haifi jariri a gidan haihuwa, ungozoma takan auna nauyinsa, ta duba cibiyarsa da idanunsa, ta saurari numfashinsa, sannan a yi masa allurar BCG a dantse. Kunne kuwa sai dai a dube shi daga waje, in an ga biyu ne kuma sun cika siffa, shi ke nan. Ko yana ji ko ba ya ji, wannan tambaya akan bar ta sai ranar da magana ta ƙi zuwa. Sai yaro ya shekara biyu ko uku tsararrakinsa suna ta surutu shi yana nuni da hannu, sannan hankalin gida ya tashi. Kafin nan ma an sha cewa nauyin baki ne, kawunsa ma haka ya yi, a ba shi lokaci.

Abin da likitocin kunne suka gano cikin shekaru arba'in da suka shige shi ne wannan lokaci da ake bai wa yaro, shi ne ainihin abin da ake ƙwace masa. Akwai awon da ake yi cikin mintoci kaɗan, jariri yana barci a cinyar uwarsa, wanda yake nuna ko kunnen yana aiki tun kafin ranar suna. Wannan shafi zai bayyana yadda awon yake, abin da yake iya gani da wanda yake kuɓuce masa, da kuma darasin da aka samu a birnin Legas, inda aka jarraba shi a wuraren rigakafi irin namu.

Magana ta kunne take shiga

Jariri yana fara ji tun yana ciki, wajen watanni uku na ƙarshe. Shi ya sa da ya faɗo duniya yake bambanta muryar uwarsa da ta sauran mata. Daga nan, duk tsawon shekarar farko, ƙwaƙwalwarsa tana tara sautukan harshen da ake yi a gidan, tana rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Bincike ya nuna cewa jariri ɗan wata shida yana iya jin bambancin sautukan harsuna da dama, har waɗanda ba a yi a gidansu, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya riga ya karkata ga na harshen uwa. Ɗan Bahaushe a nan ne yake koyon cewa "baki" daban, "baƙi" daban, alhali baƙon da ya koyi Hausa da girma yakan shekara yana fama da wannan ƙaramin bambanci. Duk wannan aiki ana yinsa ne kafin yaro ya furta kalmarsa ta farko. Kalmar da ake ji a bakinsa yana ɗan shekara guda, girbi ce ta abin da kunne ya shuka wata goma sha biyu.

Idan sauti bai isa ƙwaƙwalwa ba, sashen da aka tanada domin ji ba ya zama haka nan yana jira. Sannu a hankali sauran ayyuka, musamman gani, suna mamaye wurin. Masu bincike a kan yaran da aka yi wa dashen na'urar ji sun lura cewa waɗanda aka yi wa kafin shekara uku da rabi, hanyoyin ji na ƙwaƙwalwarsu sukan bunƙasa kusan kamar na kowa, amma bayan shekara bakwai abin yakan yi wuya ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekarar 1998 wata malamar jami'a a jihar Kolorado ta Amirka, Christine Yoshinaga-Itano, ta wallafa binciken da ya sauya tunanin likitoci a kan wannan batu. Ita da abokan aikinta sun gwada yara 150 masu matsalar ji. An gano matsalar 72 daga cikinsu kafin su cika wata shida, sauran 78 kuwa sai bayan wata shida. Da aka auna fahimtar harshe da iya amfani da shi, rukunin farko ya yi wa na biyu nisa sosai, ko matsalar jin mai sauƙi ce ko mai tsanani, ko iyayen masu hali ne ko talakawa. Irin wannan bincike ne ya haifar da ƙa'idar da ake bi yau a ƙasashe da yawa, wadda ake taƙaitawa da lambobi uku, 1, 3 da 6: a yi awon farko kafin jariri ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6.

Abin da yake ruɗin iyaye

Mai karatu zai ce: uwar da take goye da ɗanta dare da rana, yaya za a yi ta kasa gane ba ya ji? Ba sakaci ba ne. Dalilai uku ne suke rufe ido.

Na farko, jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana gunaguni a watannin farko daidai da kowane jariri, domin waɗannan sautuka ba su bukatar koyo. Bambancin yana bayyana ne tsakanin wata shida da wata goma, lokacin da mai ji yake fara jera gaɓoɓi, "ba-ba-ba", "da-da-da", yana sauraron kansa yana maimaitawa. Wanda ba ya ji, wannan gwalantu yakan yi jinkiri ƙwarai, muryar tasa ma ta riƙa raguwa. Kafin a ankara wata shida na farko sun wuce.

Na biyu, gwajin da ake yi a gida ba abin dogaro ba ne. Ana tafa hannu, ko a buga kwano, jariri ya juyo, sai a ce alhamdu lillahi yana ji. Amma jaririn da kunnensa bai aiki idonsa yakan yi kaifi: ya ga inuwar hannun, ko ya ji iskar tafin a fatarsa, ko girgizar gado ta taɓa shi lokacin da aka bugo ƙofa.

Na uku, rashin ji hawa-hawa ne. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana wajen 30, hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60, gangar biki kuwa a kusa tana haura 90. Yaron da jinsa ya fara daga 50 zai firgita in aka buga ganga, zai juyo in aka ƙwala masa kira, amma hirar da ake yi a tsakar gida tana zuwa masa kamar rediyon da ke can gidan maƙwabta. Sau da yawa kuma sautuka masu siriri ne suke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "ts", wasula da karin murya su saura. Irin wannan yaro, "sa ruwa" da "sha ruwa" duk ɗaya ne a kunnensa. Yakan yi magana, amma a gurguje, a ce yana da tsamin baki. Sai ya shiga lakkol, malami yana magana ya juya baya yana rubutu a allo, sannan a fara kiransa daƙiƙi ko mai taurin kai.

A ƙara da cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran da ake haifa kurame, iyayensu duka biyu masu ji ne. Gidan bai taɓa ganin abin ba, don haka ba ya cikin abubuwan da ake tsoro.

Yadda ake awon

Domin fahimtar na'urar, sai an san hanyar da sauti yake bi. Yana shiga ramin kunne ya bugi dodon kunne, ya ratsa wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, ya isa wani gurbi mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai dubban ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ne suke mai da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa. Galibin kurumtar da ake haihuwa da ita a waɗannan ƙwayoyi take, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa.

A shekarar 1978 wani masani a birnin Landan, David Kemp, ya gano cewa lafiyayyar katantanwa ba karɓar sauti kawai take yi ba. In sauti ya shige ta, takan mayar da wata ƴar amsa-kuwwa, ƙarama ƙwarai yadda kunnen mutum ba ya jinta, amma na'ura tana iya kamawa. A kan wannan aka gina awo na farko, wanda a takardun likita na Faransanci ake rubuta shi OEA. Na'urar ba ta fi wayar hannu girma sosai ba. Ana sa wani ɗan tulluƙi mai laushi a bakin ramin kunnen jariri, ya aika ƙananan ƙararraki, ya saurari amsar. In jariri yana kwance lafiya kuma ɗakin ba hayaniya, kowane kunne bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Ba allura, ba jini, ba zafi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ya sha nono ya yi barci. Kuka, ko tsotso, ko ƙarar fanka da injin lantarki suna ɓata awon.

Awo na biyu, wanda ake rubutawa PEA, yana bin saƙon har gaba da katantanwa. Ana manna ƴan faifai uku a fatar jariri, galibi a goshi da ƙeya da kafaɗa, a sa masa abin sauraro a kunne, a aika ƙara mai sauƙi ta wajen desibel 35. Faifan suna ɗaukar motsin lantarkin da jijiyar ji da gindin ƙwaƙwalwa suke yi in sautin ya iso. Wannan ya fi ɗaukar lokaci, na'urarsa ta fi tsada, amma yana ganin abin da na farko ba ya gani.

Na'urorin biyu ba su bukatar babban likita. Amsa biyu kawai suke bayarwa: ko dai "ya wuce", ko kuma "a sake dubawa". Ungozoma ko ma'aikacin lafiya na unguwa yana iya koyon aiki da su cikin ɗan lokaci. Wannan sauƙi ne ya sa awon ya bazu. Jihar Rod Ailan ta Amirka tana cikin na farko da suka game shi ga dukkan jarirai a farkon shekarun 1990, Ingila ta kammala game shi a 2006, Faransa kuma ta kafa dokarsa a watan Afrilu na 2012.

"A sake dubawa" ba hukunci ba ne

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. In na'ura ta ce a sake dubawa, ba ta ce jariri kurma ne ba. Cewa ta yi ba ta ji amsar ba. A kwana ɗaya ko biyu na farko, ramin kunnen jariri yakan kasance da sauran ruwan mahaifa da farin maiƙon nan da ake haihuwa da shi, sai su toshe hanyar amsa-kuwwar. Galibin jariran da suka faɗi awon farko, in aka sake bayan kwanaki sukan wuce. Saboda haka ake jera awon hawa uku: OEA ga kowa, PEA ga waɗanda ba su wuce ba, sannan cikakken bincike wajen likitan kunne ga ƴan kaɗan da suka rage. Wannan na ƙarshe ne kaɗai yake faɗin ko akwai matsala, a wane kunne, kuma desibel nawa.

Haka nan "ya wuce" ba takardar lamuni ba ce ta har abada. Awon farko yana tsayawa ne a katantanwa. Akwai jariran da katantanwarsu lafiya lau, amma jijiyar ce ba ta kai saƙo daidai, kuma wannan ya fi samuwa ga bakwaini da waɗanda shawara ta yi wa mugun kamu. Irin waɗannan, da duk jaririn da ya yi kwanaki a ɗakin kula da jarirai marasa lafiya, PEA ya kamata a yi musu kai tsaye. Akwai kuma rashin ji mai sauƙi da yake zamewa ƙarƙashin ma'aunin na'ura, da wanda yake zuwa daga baya yaro yana da wata takwas ko shekara biyu. Don haka ko an yi awo, in uwa ta ce tana shakkar jin ɗanta, a saurare ta a sake aunawa.

Darasin Legas

A ƙasashen Turai ana awon ne a gidan haihuwa kafin a sallami mai jego, domin kusan kowa a can yake haihuwa. A ƙasashenmu mata da yawa a gida suke haihuwa, waɗanda suka je gidan haihuwa kuma akan sallame su cikin awoyi, daidai lokacin da kunne yake cike da ruwa. Wata likitar yara ƴar Nijeriya, Bolajoko Olusanya, ta nemi wata ƙofa. Ta lura cewa ko a ina mace ta haihu, takan kawo jaririnta allurar BCG. Daga watan Yuli na 2005 zuwa Afrilu na 2006, ita da abokan aikinta suka kafa awon kunne a wuraren rigakafi huɗu na tsakiyar Legas, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne suka riƙe na'urorin, ba likitoci ba. An buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a 2008.

Alƙaluman sun cancanci a bi su a hankali. Cikin jarirai 2.277 da suka cancanci awon, an auna 2.003, kuma babu uwa ko uba ɗaya da ya ƙi. Fiye da rabinsu ba a asibiti aka haife su ba, wato da a gidan haihuwa aka tsaya da ba a gan su ba sam. Tsaka-tsakin shekarunsu ranar awon bai kai kwana 18 ba. Bayan hawa biyu na awo, an tura jarirai 82 zuwa cikakken bincike. A cikinsu 50 ne kawai suka je, kuma a cikin hamsin ɗin an tabbatar da matsalar ji ta dindindin ga 45. Da aka haɗa da wasu 11 da aka gano duk da cewa sun wuce awon farko, jimla ta zama 56, wato 28 cikin kowane dubu. A tsaka-tsaki, an tabbatar da matsalar jaririn yana da kwana 51, tun bai cika wata biyu ba.

Abubuwa uku suke fitowa daga nan. Da farko, aikin yana yiwuwa a ƙaramin ɗakin shan magani, da ma'aikatan da ake da su. Na biyu, a ƙasashe masu arziki akan samu jariri 1 zuwa 3 cikin dubu, a wannan unguwa ta Legas kuwa an samu ninkin haka sau da yawa. Ba a ɗaukar adadin unguwa ɗaya a ɗora wa ƙasa baki ɗaya, amma yana nuna cewa inda wahalar haihuwa da shawara da cututtukan jarirai suka yi yawa, kurumta ma takan yi yawa.

Na uku shi ne mafi ɗaci. Jarirai 32 da aka ce a kai su binciken ƙarshe ba a kai su ba. In aka lura cewa cikin kowane goma da suka je, tara an same su da matsalar, to mai karatu ya yi lissafin abin da ya tafi gida cikin waɗannan talatin da biyu. Na'ura ta yi aikinta, an sanar da iyaye, amma yaran sun koma cikin jerin waɗanda za a gano a shekara uku. Ƴan kasuwa sun san wannan: kayan da aka saya aka biya, aka bar su a tasha ba a ɗauko ba, asara ce biyu.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A Nijar ana haifar jarirai fiye da miliyan ɗaya a shekara. Ko da ƙaramin adadin nan na ƙasashe masu arziki aka yi lissafi, jarirai dubu ɗaya zuwa dubu uku ke nan kowace shekara. Muna kuma da ranakun da uwa da jariri suke zuwa wurin ma'aikacin lafiya ba tare da an kira su ba: BCG bayan haihuwa, sannan alluran mako 6, mako 10 da mako 14. Mako goma sha huɗu bai wuce wata uku da ƴan kwanaki ba, wato ƙa'idar 1, 3 da 6 tana iya hawa kan kalandar rigakafinmu kusan daidai. Sai dai duk wanda zai tsara aikin ya tuna da al'adunmu. Mai jego tana cikin wanka har kwana arba'in, mai haihuwar fari kuma sau da yawa tana gidan iyayenta, wataƙila a wani gari. In an ce ta dawo bayan mako biyu, ba ita kaɗai take yanke shawara ba. Dole a rubuta sakamakon a karnen rigakafi yadda duk inda ta je za a gani, a kuma yi wa maigida bayani da kansa, tunda shi ne mai ba da izini da kuɗin mota.

Jariran da ba a jira da su

Inda na'ura ba ta kai ga kowa ba, akwai jariran da ya wajaba iyaye su nemi awon da kansu wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai bakwaini da wanda aka haifa da nauyin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Akwai wanda ya sha wahalar haihuwa bai yi kuka da wuri ba. Akwai wanda shawara ta kama har idanu da tafin hannu suka yi ɗorawa, domin sinadarin da ke kawo wannan launi in ya yi yawa yana lalata hanyar ji a ƙwaƙwalwa, kuma jiƙe-jiƙen gida da shanya jariri a hantsi ba su isa su sauke shi ba. Akwai wanda aka daɗe ana yi wa allurar jantamisin, magani mai ceton rai amma mai iya taɓa katantanwa in ya wuce kima. Akwai wanda uwarsa ta yi zazzaɓi da ƙuraje irin na ƙyandar Jamus a farkon ciki. Akwai kuma wanda a danginsa aka taɓa samun kurma tun yarinta, musamman in auren zumunci ne, domin kusan rabin kurumtar haihuwa gado ce, kuma iyaye biyu masu ji suna iya ɗauke da ita a ɓoye.

Sanƙarau yana da nasa matsayi. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da wannan cuta take yi wa dirar mikiya lokacin rani, kuma ba a manta da annobar 1995 da ta 2015 ba. Yaron da ya tashi daga sanƙarau, a auna jinsa cikin mako huɗu ko da ya yi kama da wanda ya warke sarai. Dalilin gaggawar shi ne bayan wannan cuta katantanwa tana iya cikewa da ƙashi cikin ƴan watanni, in kuwa ta cike, dashen na'ura ma yakan yi wuya.

Ga sauran yara, akwai alamomin da uwa da kaka za su riƙa lura da su. Kafin wata uku, jariri yana firgita da ƙara mai ƙarfi, yana natsuwa in ya ji muryar uwarsa ko bai gan ta ba. Wajen wata shida yana juya kai wajen da sauti ya fito. Wajen wata tara zuwa goma yana jera gaɓoɓi, yana waigowa in an kira sunansa daga baya da murya ta yau da kullum. In ya shekara yana gane "zo" da "bari" ba tare da an nuna masa da hannu ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yi jinkiri, asibiti za a nufa, ba jira ba.

Bayan an tabbatar

Gano matsala ba shi da amfani in ba abin da zai biyo baya. Yaron da yake da sauran ji ana iya sa masa na'urar ƙara sauti tun yana da ƴan watanni. Sai dai iyaye su san cewa ba sayen rana ɗaya ba ne. Dole ƙwararre ya daidaita ta da awon kunnen yaron, domin wadda ake saya a kasuwa haka nan tana iya yin kaɗan ko ta yi yawa har ta ƙara ɓarna. Robar da take shiga kunne ana sake ta sau da yawa a shekarar farko saboda kunnen yana girma, in ta yi sako-sako na'urar sai ta riƙa fito. Batir yana ƙarewa cikin kwanaki, ƙura da gumi kuma abokan gabarta ne. Sannan na'ura sauti kawai take kawowa. Harshen kuwa mutanen gida ne suke zuba shi: a riƙa yi wa yaro magana kusa da shi, fuska da fuska, da harshen da aka fi iyawa, a rage ƙarar rediyo da talabijin.

Wanda kurumtarsa ta yi tsanani har na'urar ƙara sauti ba ta wadatar ba, akwai dashen da ake yi a cikin katantanwa, wanda yake aika saƙo kai tsaye ga jijiya. Akan yi shi wajen shekara ɗaya da haihuwa, yana da tsada ƙwarai, yana kuma bukatar shekaru na horo da gyara bayan aikin. Gidaje kaɗan ne za su iya.

Amma akwai hanyar da take hannun kowa, wato maganar hannu. Abin da ƙwaƙwalwar jariri take ƙishirwarsa shi ne harshe, ko ta kunne ya shigo ko ta ido. Ƴaƴan kurame da suka tashi cikin maganar hannu suna fara alamarsu ta farko a daidai lokacin da masu ji suke furta kalmar farko. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, cikakken harshe mai ƙa'idojinsa, wanda wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano. Koyon ta ba ya hana yaro magana da baki in yana da halin yi. Babbar hasara ita ce yaro ya kai shekara shida ko bakwai, ranar da za a kai shi makarantar kurame, ba shi da harshe ko ɗaya sai nunin ci da sha. Gidan da ya san gaskiya tun jariri yana wata uku yana iya neman kuramen unguwa da malaman makarantar kurame, uwa da uba da yayye su fara koyo tare da shi.

Rahoton OMS na 2021 a kan ji ya ƙiyasta cewa yara miliyan 34 a duniya suna da rashin jin da yake bukatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin jin yara ana iya kauce masa ta hanyar rigakafi da kyakkyawar kula da ciki da haihuwa. Ga sauran da ba a iya kaucewa, abin da ya rage a hannunmu shi ne lokaci. Ma'aikatan da ke tsara kasafin lafiya, da attajiran da suka saba gina ɗakin shan magani ko haƙa rijiya don Allah, su san cewa ƴar na'urar nan tana cikin abubuwan da gidan haihuwa da wurin rigakafi suke bukata, tare da mutum ɗaya da aikinsa shi ne bin sawun waɗanda ba su dawo ba. Maigidan da aka ce masa a dawo da jariri a sake dubawa kuwa, ya rufe shago ko ya nemi izinin rabin yini a ofis, ya kai su da kansa ranar da aka sa. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.